Sau uku ko sau biyu? Zaɓi tsakanin maganin awa 8 da na awa 12

A jikin 'yar ambulan ɗin magani za ka ga an zana da'ira uku, ko an rubuta 1-1-1, mai miƙo maka ta taga kuma ya ce, "Safe, rana, dare." Kai ma ka ce to, ka kama hanya. A gida sai ka sha na farko da karin kumallo ƙarfe 8, na biyu da abincin rana ƙarfe 2, na uku da tuwon dare ƙarfe 8. Ka cika sau uku, ba wanda zai ce ka yi ha'inci. Amma ƙirga tazarar: awa 6, awa 6, sannan awa 12 cur daga tuwon dare zuwa kokon safe. Likitan da ya rubuta tds a katinka, wato sau uku a rana, awa 8 yake nufi tsakanin kowane sha da na gaba, idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Wanda ya rubuta bd kuma, wato sau biyu a rana, awa 12 yake nufi.

Wasu magungunan ana iya rubuta su ta kowace hanya daga cikin biyun, gwargwadon cutar da mai ita. A nan ne mara lafiya yake da ta cewa, muddin ya yi maganar tun yana gaban likita. Zan ɗauki amoksisilin a matsayin misali, domin da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba, kuma babba yana iya samun sa miligiram 500 duk awa 8, ko miligiram 875 (wasu lokutan 1000, wato kafso biyu na 500) duk awa 12.

Abin da ke faruwa a cikin jini

Idan ka haɗiye kafson amoksisilin, yawansa a jini yakan kai ƙololuwa bayan awa 1 zuwa 2. Daga nan ƙoda za ta fara tace shi tana zubarwa a fitsari, kuma tana da saurin aiki: kusan duk awa ɗaya rabin abin da ya rage yake tafiya. Kamar randa ce mai yoyo, wadda duk awa ruwanta ke komawa rabi. A ce a awa ta 2 akwai kashi 100. A ta 3 saura 50, a ta 4 saura 25, a ta 5 wajen 12, a ta 6 wajen 6. Kafin awa ta 8 bai kai kashi 2 ba. A awa ta 12 sai dai a ce an taɓa shan sa.

Shi kuwa wannan magani, da danginsa na fenisilin, ba tsayin ƙololuwar ne ke kashe ƙwayar cuta ba. Abin da ke aiki shi ne tsawon lokacin da yawansa ya zauna sama da wani mizani da ƙwayar ba ta iya jurewa. Masana sukan so wannan lokaci ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin sha da sha.

Mu yi lissafi da misali. A ce ga wata ƙwayar cuta, miligiram 500 yana zama sama da mizanin na awa 4. Idan ana sha duk awa 8, awa 12 ke nan cikin 24, rabi daidai. Idan aka ninka maganin zuwa 1000, ba awa 8 za ta ba ka ba. Ninkin ƙarin awa ɗaya kawai yake saye, tunda cikin awa ɗaya ƙoda za ta mayar da 1000 ɗin kamar 500. To awa 5 sau biyu, awa 10 cikin 24, wajen kashi 42. Ya shiga kashi 40 zuwa 50 ɗin da ake so, amma ta bakin ƙofa. Wanda kuwa aka rubuta wa 500 sau uku ya ga dama ya riƙa sha sau biyu don na rana yana ba shi wahala, awa 8 ya samu cikin 24, kashi ɗaya bisa uku, kuma ya rage wa kansa miligiram 500 kullum. Wannan shi ne ake gani bayan mako ya dawo yana cewa maganin jabu ne.

Mai 8, 2, 8 fa? Jimillar awanninsa ba ta ragu sosai ba, amma ya tara giɓin wuri ɗaya. Maimakon hutun awa 4 sau uku, ya ba ƙwayar cutar hutun awa 8 a jere kowane dare, lokacin da za ta iya farfaɗowa ta hayayyafa.

A takarda dai, tsarin awa 8 ya fi rufe yini. Shi ya sa a cuta mai tsanani likita zai fi karkata can, ko ma ya kwantar da kai a riƙa ba ka ta jijiya. A cututtuka na yau da kullum kuwa, irin su ciwon kunne da na maƙogwaro, an gwada tsarin awa 12 da ƙwaya mai girma an ga yana aiki, kuma takardar maganin kanta ta yarda da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a gyaran da ta yi wa ƙa'idar maganin nimoniyar yara a 2014, amoksisilin sau biyu a rana ta zaɓa, da ƙwayar miligiram 250 mai narkewa a ruwa, ana ƙirga yawan ƙwayoyin bisa shekaru da nauyin yaro.

Shan tsakiyar rana shi ne alƙali

Maganin kwana 7 na awa 8 sha 21 ne. Na awa 12 sha 14 ne. Bakwai ɗin da ke tsakani duk na tsakar rana ne, lokacin da mutum yake kasuwa, ko gona, ko kan titi, ko gaban ɗalibai, ambulan kuma tana can gida a kan talabijin.

Akwai wani bita da aka wallafa a 2001, wanda ya tattara bincike 76 da aka yi da kwalaben magani masu na'urar da ke rubuta lokacin da aka buɗe su. Masu sha sau ɗaya a rana sun sha kashi 79 na abin da aka rubuta musu, masu sau biyu 69, masu sau uku 65, masu sau huɗu 51. Duba da kyau: tsakanin sau biyu da sau uku tazarar kaɗan ce. Ban yarda a riƙa cewa sau biyu ya fi wa kowa ba. Tsohuwar da ke gida yini guda, jikarta na kusa, sau uku ba ya gagarar ta. Direban tirela da ya tashi daga Kano zuwa Legas shi ne wanda bambancin ya shafa. Tambayar da za ka yi wa kanka guda ce: ƙarfe 1 zuwa 2 na rana ina nake, akwai ruwan sha a kusa, kuma maganin zai kasance a aljihuna?

Ga wanda ke sallah a kan lokaci, tsarin awa 8 yana da wani sauƙi da ba a cika lura da shi ba. Idan ka sha bayan Asuba ƙarfe 5:30, sai bayan Azahar ƙarfe 1:30, sai ƙarfe 9:30 na dare kafin ka kwanta, ka samu awa 8, 8, 8 ba tare da ka katse barci ba. Kuskuren da ake yi shi ne haɗa na uku da Magariba ko Isha'i. Isha'i wajen ƙarfe 8 take, wato awa 6 da rabi bayan Azahar, sai kuma awa 9 da rabi zuwa Asuba. Ga amoksisilin wannan ba bala'i ba ne, ya fi 8, 2, 8 nesa ba kusa ba, amma tunda yawanci ba a kwanciya kafin 9:30, me zai hana a jira? Lokacin Asuba yana motsawa da yanayin shekara, saboda haka ka duba agogo ranar farko, ka ƙirga sauran biyun daga nan.

Tsarin awa 12 kuma bai dace da Asuba da Isha'i ba, ko da yake haka mutane suka fi yi. Daga 5:30 zuwa 8 na dare awa 14 da rabi ne. Ko dai Asuba da 5:30 na yamma, ko 7 da 7 (fita aiki da bayan Magariba), ko 8 da 8 (karin kumallo da Isha'i). Na ƙarshen ya fi zama a gidaje da yawa, don duka biyun suna faɗawa kan abinci.

Mai aikin canji, da maigadi

Ɗauki ma'aikacin kamfani da ke aikin canji uku: 6 na safe zuwa 2, 2 zuwa 10 na dare, 10 zuwa 6 na safe. An ba shi maganin kwana 7 ranar Alhamis yana aikin safe, ranar Litinin kuma zai koma na dare. Da farko za a zaci sau biyu ne ya fi masa. Amma jera 6, 2, 10 ka gani. A makon safe, yana sha yana shiga aiki, yana sha yana tashi, yana sha zai kwanta. A makon dare, yana sha ƙarfe 10 yana karɓar aiki, ƙarfe 6 yana miƙawa, ya je ya kwanta wajen 7, ya tashi ƙarfe 2 ya yi Azahar ya sha na uku. Lokutan ba su motsa ba ko da minti ɗaya, kuma duk suna faɗawa kan lokacin da dole yana farke. Da 8 da 8 aka ba shi, na safen zai riƙa samun sa awa ɗaya da fara barci. Idan sau biyu ne dole, 6 da 6 ne nasa.

Maigadin da ke karɓar aiki 6 na yamma ya sauka 6 na safe, nasa a fili yake: awa 12, a shiga da a fita. Abin da zai kiyaye kawai shi ne kada ya riƙa fassara "safe" da lokacin da ya farka. Ranar aiki farkawarsa ƙarfe 1 na rana ce, ranar hutu 6 na safe. Wanda ya ɗaure magani da farkawa, duk ranar da barcinsa ya juya tazarar za ta koma awa 5 ko 19. A ɗaure shi da agogo, a sa ƙararrawar waya.

Ga yaro ɗan makaranta kuwa, ina ganin duk inda likita ya ce sau biyu zai yi, a karɓa hannu bibbiyu. Sirof ɗin da aka dama yana da wuyar yawo. Na amoksisilin mai haɗe da kilabulanet, sinadarin da ke ƙara masa ƙarfi, dole ya zauna a firij, kuma yawancin takardunsa suna cewa a zubar da ragowar bayan kwana 7. Ba za a sa shi a jakar yaro cikin zafin watan Afrilu ba, ba kuma za a ɗora wa malamar aji mai yara tamanin aikin awo da cokali ba. Idan sau uku ne babu makawa, to 6:30 kafin fita, 2:30 da dawowa kafin Islamiyya, na ukun kuma 10:30, ko da za a ɗan tashe shi ya haɗiye ya koma.

Abinci yana iya juya hukuncin

Amoksisilin zalla ba ruwansa da abinci, da ci da babu duk ɗaya. Wannan ne ya sa 5:30, 1:30, 9:30 yake tafiya lafiya lau. Amma da an haɗa shi da kilabulanet, wato ƙwayar nan ta 625 ko ta giram 1, magana ta canza. Ana son a sha ta a farkon cin abinci, loma ɗaya ko biyu sannan ƙwaya, don rage tashin zuciya da gudawa, kuma kilabulanet ɗin ya fi shiga jiki a haka. Wa ke cin abinci 5:30 na asuba in ba azumi ba? Sai dai a tanadi burodi ko ɗumame.

Akwai wani lissafi kuma. Ƙwayar 625 tana ɗauke da amoksisilin 500 da kilabulanet 125. Ta giram 1 tana ɗauke da 875 da 125 ɗin nan dai. Mai shan 625 sau uku yana samun kilabulanet 375 a yini, mai shan giram 1 sau biyu yana samun 250. Shi kilabulanet yana cikin abubuwan da ke tsinka ciki, saboda haka mai raunin ciki yakan fi jin daɗin tsarin awa 12. Wannan lissafin ne kuma ya sa ba a haɗa ƙananan ƙwayoyi don a yi babba. Biyu na 375 ba daidai suke da 625 ba, biyu na 625 ba giram 1 ba ne: kilabulanet ɗin ne za ka ninka a banza, ka yini kana zarya bayan gida.

Sauran magungunan kowanne da halinsa, kuma a mafi yawansu ba ka da zaɓin tazara, sai dai zaɓin sa'a.

Metronidazol, wanda aka fi sani da filajil, yawanci miligiram 400 ne duk awa 8, tare da abinci ko bayansa, don yana tayar da zuciya ya bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Shi yana daɗewa a jini, sai wajen awa 8 rabinsa ke tafiya, saboda haka matsar da shi awa ɗaya don ya haɗu da abinci ba ta da illa irin ta amoksisilin. Ba a shan giya da shi, har kwana 2 bayan gamawa.

Sifurofuloksasin, wato sifro, na awa 12 ne, amma yana da abokan gaba a kan tabarmar cin abincinmu. Sinadarin kalsiyam da ke cikin madara da nono da kindirmo yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jini. Haka maganin ƙwannafi mai kama da alli, da ƙwayar ƙarin jini, da zinki. Mutumin da ya tsaya wurin mai shayi ƙarfe 8 ya kora sifro da shayi mai kaurin madara, da dare kuma ya kora da fura da nono, ya kiyaye awa 12 sarai amma ya zubar da wani kaso na maganin. Irin wannan ya fi dacewa da 6 da 6, da ruwa zalla: awa 2 kafin shayin safe, awa 2 kafin furar dare. Maganin ƙwannafi da na ƙarin jini kuma, a sha sifro awa 2 kafin su, ko awa 4 zuwa 6 bayansu, yadda takardar cikin kwalin ta ce. Masu cin goro su rage a kwanakin, domin sifro yana hana jiki saurin fitar da sinadarin da ke hana barci a goro da kofi, sai mutum ya kwana ido biyu zuciya na bugawa.

Doksisaikilin shi ne wanda barci ya fi shafa. Ana shan sa da ruwa kofi cike, a zaune ko a tsaye, kuma ba a kwanciya sai bayan aƙalla minti 30. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana ƙona wurin ya yi gyambo, mutum ya wayi gari haɗiyar yawu ma azaba ce. Kada a sa na darensa ya zama 10 da 10 a bakin gado. Bakwai da bakwai ya fi.

Akwai kuma "sau biyu" da ba na agogo ba ne sam. Metfomin na masu ciwon suga abinci yake bi, karin kumallo da abincin dare, ko tazarar ta zama awa 11 ko 13. Gilibenkilamaid ma haka, kuma shi idan aka sha ba a ci ba, suga zai iya faɗuwa har mutum ya suma. Furosemaid, mai sa fitsari, idan an rubuta sau biyu, safe ne da tsakar rana. Wanda ya kai na biyun 8 na dare ba shi ba barci. A ɗaya gefen akwai waɗanda agogo ne komai nasu, irin maganin farfaɗiya, inda jinkiri mai tsawo kan iya jawo faɗuwa. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani a tagar karɓar magani ita ce: "Wannan agogo yake bi ko abinci?"

Shin sai an tashi cikin dare?

A gida, da wuya. Awa 24 ta rabu uku, barcin babba kuma awa 7 zuwa 8 ne, ya shige cikin tazara ɗaya. Ga amoksisilin da makamantansa, gocewar awa ɗaya gaba ko baya ba ta ɓata aiki. Mai kwanciya 10 ya tashi 6:30 zai iya yin 6:30, 2, 10.

Tarkon yana wurin shan farko. An sallame ka daga asibiti ƙarfe 11 na safe, ka sha nan take, wanda hakan daidai ne. Idan ka bi lissafi ido rufe, na gaba 7 na yamma, na gaba 3 na dare, haka har mako. Ba mai jure wannan. Abin yi shi ne a ranar farko ka ɗan matse: 11 na safe, 5 na yamma, 10:30 na dare, gobe ka hau 6, 2, 10. Ka matso da su kusa, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Takardar amoksisilin mai kilabulanet ta ce kada tazara ta gaza awa 4, kuma a nan ba ta gaza 5 da rabi ba. Wannan dabara ta wannan rukunin ce; maganin zuciya, na farfaɗiya ko na kashe zafi mai ƙarfi ba a matse su sai da izinin likita.

Inda tashin dare yake zama dole shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, haɗin atemita da lumefantirin. Shi ya haɗa tsarin biyu: sha na biyu awa 8 bayan na farko, sannan safe da dare na kwana 2, sha 6 gaba ɗaya. Idan na farko ya kama 1 na rana, na biyu 9 na dare, ba matsala. Idan gwaji ya fito 6 na yamma, na biyu 2 na dare ne. Kada a ɗage na farko zuwa safe don gudun wannan. Maleriya ba ta jira, daren kuma guda ne. A ajiye ƙwayar da kofin madara a gefen gado, domin shi wannan, saɓanin sifro, maiƙo yake so: madara, ƙosai, gyaɗa, miya mai mai. Ba tare da maiƙo ba lumefantirin ba ya shiga jiki sosai, kuma shi ne mai share ragowar ƙwayoyin cutar. Idan aka yi amai cikin awa ɗaya da sha, a maimaita, a koma kemis a cike gurbin ƙwayar da aka rasa.

Azumi

A ƙasar Hausa azumi yakan kai awa 13 zuwa 14. Tsarin awa 8 ba ya shiga ciki ta kowace dabara. Masu cusa ukun tsakanin buɗa baki da sahur, wato 7, 12, 5, suna barin awa 14 babu komai, sun kuma hana kansu barci. Tsarin awa 12 ya fi kusa: sahur 5, buɗa baki 6:45, tazarar awa 13 da minti 45 da kuma 10 da minti 15. Ga magunguna da yawa likita zai yarda da haka. To mai niyyar azumi ya faɗa tun kafin a rubuta. Idan likita ya ce cutar tana buƙatar awa 8, ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ajiyewa ya rama. Mai ciwon suga da mai farfaɗiya kuwa, tun a Sha'aban ya kamata su je a sake musu tsari.

Idan an manta

Ƙa'idar da ke cikin yawancin takardun magani ita ce a sha da zarar an tuna, sai fa idan lokacin na gaba ya kusa, sai a bar wanda aka manta. Ba a ninkawa. Masu ba da magani da yawa suna auna "ya kusa" da rabin tazara: awa 4 ga na awa 8, awa 6 ga na awa 12. Na ƙarfe 2 da aka tuna 4:30, a sha, na dare ya ɗan matsa zuwa 11. Idan sai 8:30 aka tuna, a jira na 10.

A nan tsarin awa 8 yana da wata fa'ida da ake mantawa. Wanda ya tsallake sha ɗaya ya bar giɓin awa 16, ya rasa kashi ɗaya bisa uku na maganin yini. Mai awa 12 da ya tsallake ɗaya ya bar awa 24, ya rasa rabi. Sau biyu ya fi sauƙin tunawa, amma mantuwarsa ta fi tsada. Hanyar gane ko kana tafiya daidai mai sauƙi ce: ƙirga ƙwaya. Mai sau uku da ya fara da 21, a daren kwana na 3 saura 12. In ya ga 14, ya san biyu sun kuɓuce, kuma in ya duba, na rana ne.

To wanne za a nema?

Nemi na awa 12 idan tsakar ranarka ba a hannunka take ba: direba, ɗan kasuwa mai yawo, manomin da ke yini a gona mai nisa, yaro ɗan makaranta, mai azumi, tsohon da sai safe da dare ake samun mai ba shi. Haka idan ƙwayar mai kilabulanet ce kuma cikinka ba ya jure ta. Zauna a kan na awa 8 idan likita ya ce cutar ta yi ƙarfi, ko kana gida, ko aikinka na canji uku ne, ko babbar ƙwaya tana yi maka wuyar haɗiya. Mai ciwon ƙoda shi ba ya cikin wannan zaɓi: maganin yana daɗewa a jikinsa, likita ne zai tsawaita tazarar, kuma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ƙwayar 875.

Maganar ba ta da tsawo. "Ranka ya daɗe, ni direba ne, daga Asuba ina kan hanya har dare. Akwai irinsa na sau biyu?" Ko dai ya canza ƙarfin ƙwayar ya rubuta bd, ko ya gaya maka dalilin da ba zai yiwu ba. A taga kuma ka roƙi a rubuta maka sa'o'in da lamba a jikin ambulan, 6, 2, 10, maimakon da'ira uku. Na rana ka yanko shi da gwangwaninsa ka sa a aljihu. Kada ka ɓare shi, kada kuma ka bar shi a gaban mota rana na dukansa, musamman mai kilabulanet da danshi ke lalatawa.

Idan ka kiyaye lokutan amma bayan kwana 2 zuwa 3 zazzaɓi ko ciwon bai fara sauka ba, ka koma asibiti maimakon ka ƙara yawan sha. Kumburin fuska ko leɓe, ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka feso bayan sha, ko numfashi da ƙyar, a dakatar da maganin a tafi asibiti nan take. Haka gudawa mai yawa kamar ruwa ko mai jini, ko da ta zo bayan an gama maganin.